Geron da Ya Kwana a Aljihun Ma'aji

Duk wanda ya san kasuwar Talata Mafara a shekarun da ake ginin dam ɗin Bakolori ya san Hashimu Ɗanbaba, ko da bai san sunansa na yanka ba. Kashi-Huɗu ake ce masa. Ɗan siririn mutum ne mai dogon wuya, haifaffen Dakko ta ƙasar Bakura, kuma tun yana saurayi ma'auni ne, yana zaune da tiyarsa a rumfar hatsi. Bai yi boko ba sai yaƙi da jahilci, daga nan ya iya lambobi. Sauran rubutunsa duk ajami ne, ƙanana ƙanana kamar sawun tururuwa, wanda ba mai karanta shi sai shi.

Shekara goma sha biyu yana riƙe da kujerar ma'aji a ƙungiyar gama-kai ta manoman shinkafar bakin gulbi. Mutum ɗari da arba'in ne a cikinta, daga Bakura har tungayen Maradun. Kowa ya sa hannun jarinsa, kowa yakan kawo shinkafarsa sito, ƙungiya ta casa a injinta, ta sayar. Kuma a shekarun nan goma sha biyu ba a taɓa nemo kwabo an rasa ba. Wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba ne: Hashimu yana son a ce ya iya. Kai, yana son wannan abu fiye da yadda yake son nama.

Laƙabin nasa daga taron shekara ya samo shi. Ma'ajin wasu ƙungiyoyi kan tashi su yi ta karanto lambobi har jama'a su yi gyangyaɗi. Shi kuwa tabarma yake shimfiɗawa a gindin tsamiyar ƙofar sito, ya juye tiya guda ta gero, ya ce wannan ita ce rarar bana. Sai ya bayyana cewa rara ba duk kuɗin da suka shigo ba ne, abin da ya saura ne bayan an fid da kuɗin buhuna da na mota da albashin akawu da abin da inji ya tsufa. Daga nan ya raba geron kashi huɗu da gefen hannu, ya ture kashi ɗaya can gefe, ya kife ƙwarya a kansa.

"Wanga ba namu ba ne," haka yake cewa duk shekara. "Doka ta ce aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu ya shiga ajiya. Ba a raba shi. Na ranar da inji zai mutu ne, ko ranar da kasuwa za ta faɗi, ko ranar da banki zai tambaye mu mi muka mallaka kafin ya ba mu rance."

Kuma duk shekara, da ya kife ƙwaryar nan, murya ɗaya ce ke tashi daga baya.

"Ma'aji, ɗaga rigarka mu gani! Ƙwaryar ga ko tumbinka ne?"

Bawa Maiwada ke nan, taubashinsa, ɗan kawunsa, manomi a wata tunga ta bakin gulbi kusa da Dosara. Ƙato ne mai dariya kamar ana juye duwatsu. Wasan taubasantaka ya ba shi damar ya faɗa wa Hashimu abin da ya ga dama a gaban kowa, shi ma ya rama. Hashimu kan ce, "Wanda ya ci tuwon gidana har ya lashe akushi shi ka zancen tumbi?" Jama'a su kwashe da dariya, a ɗaga hannu, a amince da rahoto. Tare suka tashi, tare aka yi musu kaciya, kuma Bawa ne ya fara kawo sunan Hashimu ranar da aka kafa ƙungiyar. Duk watan cika-ciki sai Bawa ya hau jakinsa ya zo har Talata Mafara karɓar kuɗin shara na taubasai, sule ɗaya tak, ya ci abincin sule goma, ya tafi yana zagin miyar Taiba, matar Hashimu.

To, ana nan sai dam ya zo. Garin ya cika da leburori da direbobi da masu sayar musu da abinci, shinkafa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. A shekarar da aka tare gulbi ruwa ya fara taruwa, ƙungiya ta yi rarar naira dubu takwas. Dubu takwas! Mutane suna jin labarin suna kama baki. Amma a wannan shekarar ce kuma ruwan ya hau ya shanye tungar su Bawa, gida da gona da kushewar iyaye. Gida shida na 'yan ƙungiya abin ya shafa. An ba su wurin zama a kan tudu, ƙasa mai tsakuwa, diyya kuwa aka ce tana tafe. Bawa bai kawo ko buhu ɗaya sito ba a shekarar.

Ya sami wanda zai ba shi jinginar wata fadama a wajen Bakura, naira hamsin, in ya kawo kafin damina. In bai samu ba, sai ya kwashi iyalinsa ya bi surukansa can bayan Gidan Goga, inda ake saran daji. Ya faɗa wa Hashimu wannan a rumfa, cikin wasa kamar yadda ya saba faɗin kome. Hashimu ya ce, "Tafi can, ai daji da kai ya dace." Amma abin ya tsaya masa a rai. Shi kansa ba shi da naira hamsin a lokacin, don ya kai jarinsa kan kayan ɗakin 'yarsa Hadizatu. Rancen ƙungiya kuwa sai mai gonar da za a gani da ido, Bawa ko tasa tana ƙarƙashin ruwa.

Kwana biyu kafin taro, Malam Mamuda sufeton gama-kai ya zo ya binciki littattafai, ya ƙirga buhunan da ke sito, ya duba littafin banki, ya sa hannu. Yana naɗe takardunsa Hashimu ya tambaye shi ko akwai abin da za a iya yi wa mutanen tungar.

"Ajiya dai ba ta taɓuwa, ka sani," in ji Malam Mamuda. "Amma akwai ƙofa. In an fid da kashin ajiya, taro na iya ware abin da bai wuce ɗaya cikin goma na saura ba don taimakon jama'a. Dubu shida ya saura, ke nan naira ɗari shida. In an ɗaga hannu an yarda, ni zan kai takardar Sakkwato a sa mata hannu. Amma sai an kawo maganar kafin a amince da rabo. In an riga an raba, an raba."

Hashimu ya lissafa a zuci. Gida shida, naira ɗari ɗari. Ninkin abin da Bawa ke nema! Kuma abin da zai ragu wa sauran mutane bai wuce kwabo ashirin da 'yan kai a kan kowane buhu ba. Ya rubuta shi da ajaminsa a ƙarshen rahoto.

A nan ne son a-ce-ya-iya ya kama shi. Da mutum ne kamar kowa, ai sai ya aika wa Bawa a ranar ya ce kwantar da hankalinka. Ko ya gaya wa shugaba, Alhaji Ɗanasabe, a sa maganar cikin jerin abin da za a tattauna. Ina! Hashimu so yake ya yi abin a gaban jama'a. Ya shirya zai ɗebi ɗan dunƙulen gero ya ɓoye a aljihu, sai an gama kashi huɗu, Bawa ya yi tsokanarsa ta kullum, sannan ya fiddo shi ya ce ga na mai ƙaton ciki. Har dariya yake yi shi kaɗai a hanya. Ko Taiba bai gaya wa ba.

Ranar Laraba da hantsi, washegarin kasuwa, aka taru a gindin tsamiya. Ba a taɓa cika haka ba, har waɗanda suka shekara uku ba su leƙo ba sun zo da sababbin huluna. Aka yi addu'a, akawu ya karanta abin da aka yi bara, aka ba ma'aji wuri. Hashimu ya juye geronsa, ya raba, ya ture naira dubu biyu gefe, ya kife ƙwarya. Ya ce da wannan, ajiya ta kai dubu bakwai. Ya ɗan saurara yana jiran muryar nan. Shiru. Ya duba baya ya ga Bawa zaune da mutanen tungarsa biyar, ya rame, rigar ta yi masa yawa.

Ya ci gaba. Ɗari uku don koyar da akawu da 'yan kwamiti. Ɗari biyu ribar hannun jari, kwabo biyar a kan kowace naira. Sauran dubu biyar da ɗari biyar kuma a raba bisa yawan abin da mutum ya kawo sito, naira biyu a kan kowane buhu, domin rara daga shinkafar da aka kawo ta fito. Wuri ya ɗauki guna-gunin murna, kowa na ƙirga buhunansa da yatsu.

Sai Bawa ya miƙe.

"Ma'aji, ni nawa ne nawa?"

Hashimu ya san amsar. Jarin Bawa naira ashirin ne, buhu kuwa babu. Hannunsa na kan aljihu, yana jin geron. Amma sai shaiɗanin wasa ya ce masa ja shi kaɗan tukuna.

"Naira ɗaya," ya ce, har da ɗan murmushi.

Wasu suka yi dariya, don sun ɗauka an fara abin da aka saba. Bawa bai yi ba.

"Naira ɗaya. Ni da na ɗauko tubalin sitonga a kaina." Ya nuna ƙwaryar da sandarsa. "To, buɗe wancan. Dubu bakwai, mu ɗari da arba'in, hamsin hamsin ke nan. Ni ma na iya lissafi. Shekara goma sha biyu kana ce muna na mugunyar rana ne. Hashimu, wace rana kake jira? Ruwa ya ci kushewar ubana, kawunka. Ba ni hamsin ɗina in fita ƙungiyarku."

Hashimu ya fara bayani, kuma wallahi bayanin daidai ne. Ya ce ajiya ba tarin rabon mutane ba ce, dukiyar ƙungiya ce ita kanta. Wanda ya fita jarinsa yake ɗauka, ba ya ɗaukar ajiya, don in kowa zai fita da yankinsa, shekara ɗaya ta wahala ta isa ta watse ƙungiyar. Ya ce kuɗin ma suna banki, ba su fita sai da iznin Rajistaran gama-kai na Sakkwato, kuma ba don rabo ake ba da iznin ba. Yana cikin shirin cewa amma akwai wata hanya, Bawa ya katse shi.

"Kullum banki, kullum Sakkwato. Wa ya taɓa ganin kuɗin ga da idonai? Mu dai mun ga kayan ɗakin Hadizatu. Gadon ƙarfe biyu, a shekarar da muke kwana bisa tsakuwa."

Wannan ba wasan taubasai ba ne, kowa ya ji. Mutum ne da wuta ta ci shi yake jifa da abin da hannunsa ya kama. Mai hankali da sai ya gane haka. Amma Hashimu ji ya yi kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Abin da ya mallaka a duniya shi ne a ce bai taɓa cin kwabo ba, ga shi ɗan kawunsa ya taka shi gaban mutum ɗari. Ya cire hannu daga aljihu, ya ɗauko littafin banki, ya miƙa wa Malam Mamuda ya karanta da ƙarfi. Ya sa aka zagaya da shi hannu hannu har ya kai ga Bawa, wanda bai iya karanta ko harafi ba.

"Ka gani, Malam Bawa?" ya ce. Bai taɓa kiransa Malam ba sai ranar. "Naira ɗayarka tana wurin akawu. Jarinka kuma ka rubuto takardar fita, a biya ka yadda ƙa'ida ta ce."

Malam Mamuda ya dube shi, ya ɗan ɗaga gira, yana nuna ƙarshen takardar rahoton da ido. Shi baƙo ne a taron, ba shi da bakin kawo shawara. Hashimu ya gani sarai. Ya naɗe takardar, ya ce, "Rahoto ya ƙare."

Alhaji Ɗanasabe, da yake so a wuce wurin da sauri, ya ce wa ya yarda. Hannuwa suka tashi kamar dawa. Kafin la'asar an fara biyan mutane. Bawa bai tsaya karɓar naira ɗayarsa ba.

Hashimu ya koma gida yana ce wa kansa gobe zai huce, gobe zai san abin yi. Washegari Taiba za ta wanke rigar, ta zazzage aljihu, gero ya zubo a tsakar gida kaji suka taru.

"Malam, yau kuma gero kake ɓoyo a aljihu kamar ɓera?"

Ya tsaya yana kallon kajin suna tsattsaga. Sai ya zauna a kan turmi ya gaya mata kome. Taiba mace ce mai magana, amma ranar tafa hannu kawai ta yi, ta ce, "Kaico, Malam. Shi yunwa ta sa shi, kai mi ya sa ka?" Ya je wurin Alhaji Ɗanasabe ko za a sake kiran taro. Alhaji ya ce a kira a raba me, kuɗi sun riga sun zama awaki da atamfa. Ya yi yunƙurin bin mutane su mayar da kwabo ashirin ashirin, ya ga in ya yi haka sai ya faɗi cewa ya sani ya yi shiru. Girman kan nan dai ya sake riƙe masa ƙafa. Kafin ya gama jan jiki damina ta kawo kai, fadamar Bakura wani ya karɓa, Bawa ya ɗora matarsa Saude da yara a motar itace sun yi gabas.

Abin haushin shi ne, duk abin da Hashimu ya faɗa game da ajiya ya tabbata. Gulbi ya daina ambaliya a fadamun ƙasa kamar da, shinkafa ta yi ta ƙonewa a tsaye. Leburori suka watse, kasuwa ta faɗi, inji ya mutu. Ƙungiyoyi nawa suka rufe sito a shekarun nan? Tasu ta tsaya, don da iznin Rajistara suka taɓa ajiya suka gyara inji, banki kuma ya ga littafinsu ya ba su rancen injinan ban-ruwa. Mutanen da suka yi ta ƙunƙuni a kan ƙwaryarsa suka dawo suna sa masa albarka. Duk wanda ya ce masa Allah ya saka, sai ya ji kamar an danna masa miki.

A taron shekara mai zuwa ya kawo maganar ɗaya cikin goma, tun kafin ya taɓa gero. Ko minti biyu ba a yi ba aka amince. Wani tsoho daga Bakura ya ce, "Ashe akwai wannan? Ai da ka faɗa bara." Rarar shekarar ba ta kai rabin ta bara ba, kuma cikin gida shida biyu ne kawai suka saura kusa.

Da watan cika-ciki ya kama, Bawa bai zo ba. Hashimu ya jira kwana uku, sannan ya ƙulle jarin Bawa naira ashirin da naira ɗayar nan, da abin da ya tara nasa na kansa, ya sa sule ɗaya daban a aljihu, ya hau mota zuwa Maradun, daga nan ya yi ta tafiya har bayan Gidan Goga. Duk hanya yana shirya zagin da zai fara da shi, don ya san in Bawa ya rama, an shirya ke nan.

Ya same shi da azahar a ƙofar wata bukka, yana ɗaure ƙotar gatari. Hashimu ya daure ya ce, "Kai, ashe daji ma bai rage maka ciki ba!"

Bawa ya miƙe tsaye. Ya kakkaɓe hannu, ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa, ya rusuna.

"Maraba da Malam Ma'aji. Sannu da hanya. Ina gajiya? Ina iyali? Ina Malama Taiba? Ina mutanen Mafara? Ya aikin ƙungiya? Madalla, madalla."

Ya sa Saude ta kawo fura a sabuwar ƙwarya. Ya sa aka yanka kaza, a gidan da kaji uku ne. Ya ƙi zama a tabarma ɗaya da shi. Hashimu ya gaya masa zancen geron aljihu tun daga farko, bai rage kome ba. Bawa ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa.

"Allah bai nufa ba," ya ce. "Ni ma na faɗi abin da bai kamata ba. A gafarce ni."

Ya karɓi naira ashirin da ɗaya, ya ƙirga, ya tambaya ko akwai inda zai dangwala yatsa. Kuɗin Hashimu na kansa ya mayar, ya ce sun gode, suna cikin rufin asiri. Da Hashimu ya tashi tafiya, ya fiddo sulen nan ya miƙa.

"Ga kuɗin shararka, ɓarawon tuwo."

Bawa ya dubi sulen ya daɗe. Leɓensa ya motsa, har Hashimu ya sa rai. Sai ya mayar da hannuwansa baya.

"Ai wannan na abokan wasa ne, Malam Ma'aji. Allah ya kai ka gida lafiya."

Hashimu ya yi shekara tara a kujerar bayan wannan, har idonsa ya daina ganin ajaminsa. Bai fasa shimfiɗa tabarma da juye gero ba, amma daga shekarar nan ɗan ƙaramin kashin taimako yake fara warewa a bakinsa kafin kome, ya ce a riƙe shi a rai kafin a zo rabo. Yaran da suka shigo daga baya sun san shi da rowa da gaskiya, ba su san yana dariya ba. Abin da suka kasa ganewa shi ne, duk sa'ad da ya kife ƙwarya a kan kashi na huɗu, sai ya yi shiru ya dubi bayan taro, ya ɗan jima, har sai shugaba ya ce, "Ma'aji, muna saurare." Sannan ya ci gaba da karanta lambobinsa.